Waƙa da Yankin Bidiyon Wani a Cikin Aikinka: Yadda Ake Tantance Izini da Yadda Ake Sauya Sautin da Aka Yi wa Da'awa

Abu biyu ne masu haɗa bidiyo suke cakuɗawa, kuma yawancin matsalar haƙƙin mallaka daga nan take farawa. Na farko shi ne ko kana da izinin amfani da waƙa ko yankin bidiyo. Na biyu shi ne ko na'urar da ke tantancewa a YouTube ko Facebook za ta kama shi. Kana iya samun izini cikakke na'ura ta kama ka, kana kuma iya rasa izini na'ura ta bar ka ka wuce yau, ta dawo kanka bayan wata takwas. Wanda ya ɗauki alamar "babu matsala" da ya gani a allo a matsayin izini, bai gama aikinsa ba.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. Mai ɗaukar bidiyon biki ya haɗa taƙaitaccen bidiyo na minti 14 zai ɗora a tasharsa ta YouTube, bayan iyalan ango da amarya sun amince. Akwai kayan wasu guda uku a ciki. Daga farko zuwa sakan 48 ya ɗora wata waƙar Hausa da ake yayi a kan hotunan lalle da kamu. Daga minti 6 da sakan 10 zuwa minti 7 da sakan 35, mai gabatarwa yana kiran dangin amarya su fito, dije kuma yana kunna waƙa a zauren, duka sun shiga makirufon kamara tare. Sannan akwai sakan 25 na hoton gari daga sama, wanda ya sauko da shi daga tashar wani. Kowanne cikin ukun nan tambayarsa daban, gyaransa ma daban.

Waƙa ɗaya, masu ita biyu ko fiye

Duk waƙar da ka ji a waya tana ɗauke da haƙƙi biyu. Akwai haƙƙin waƙar kanta, wato baitoci da karin da aka tsara, wanda yake na marubuci da wanda ya tsara kiɗan. Akwai kuma haƙƙin naɗin, wato ainihin sautin da aka ɗauka a sutudiyo, wanda zai iya zama na mawaƙin, ko na furodusa, ko na kamfanin da ya biya kuɗin aikin. Idan za ka ɗora waƙa a kan hoto mai motsi, izinin ɓangarorin biyu kake buƙata. Shi ya sa sake rera waƙar da bakin wani ba ya fitar da kai. Ka kauce wa mai naɗin, amma baitoci da kari suna nan na mai su.

A harkar waƙoƙin Hausa wannan yana zuwa da wani salo da ya kamata a sani. Mawaƙi zai iya ce maka da zuciya ɗaya, "Ka yi amfani da ita, ba komai," kuma da gaske yake. Amma ya riga ya miƙa waƙar ga kamfanin rarrabawa irin su DistroKid ko TuneCore domin ta hau manhajojin sauraro, kuma an shigar da ita cikin Content ID, tsarin da YouTube ke amfani da shi tun 2007 wajen kwatanta kowane bidiyo da aka ɗora da kayan da masu haƙƙi suka ajiye. Na'urar ba ta san maganar da kuka yi da mawaƙi ba. Da'awa za ta zo da sunan kamfanin da ba ka taɓa ji ba. Maganin shi ne mawaƙin ya nemi kamfanin ya janye da'awar daga wannan bidiyon, ko ya sa tasharka a jerin waɗanda aka yarje wa, idan kamfanin yana ba da wannan damar. Don haka tun wajen neman izini ka tambaye shi kai tsaye ko waƙar tana cikin Content ID, kuma wane kamfani ne ke riƙe da ita. Ka kuma tambayi kiɗan: shi ya sa aka buga masa, ko saye ya yi daga furodusan da ke sayar da kiɗa ɗaya ga mawaƙa da yawa? Irin wannan kiɗan na haya yakan jawo da'awa daga wani mawaƙin daban da ya hau kiɗa ɗaya ya riga shi rajista.

Izinin kuma ya zama a rubuce. Ba sai an je wajen lauya ba idan ƙaramin aiki ne, amma saƙon ya ambaci sunan waƙar, da bidiyon da za ta shiga, da dandalin da za a ɗora, da ko an yarda a sami kuɗin talla da shi, da tsawon lokacin izinin. Saƙon murya na "ba damuwa, ɗan'uwa" ba zai yi maka amfani ba ranar da za ka cike fom ɗin jayayya.

Tsufan waƙa ma ba ya nufin ta zama ta kowa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba wa aikin kiɗa da na adabi kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai shi ya rasu, naɗin sauti da fim kuwa shekara 50 bayan ƙarshen shekarar da aka fara fitar da su ga jama'a. Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan baitocinsa suna ƙarƙashin kariya har ƙarshen 2069, ko da naɗin da ke hannunka na tsohon faifai ne. Rasuwar mawaƙi tana mayar da haƙƙin ga magada, ba ta sake shi.

Abin da ba ya zama izini

Rubuta "ba ni da haƙƙin wannan waƙa" a ƙasan bidiyo ba ya ba ka komai, hasali ma shaida ce a kanka. Ambaton sunan mawaƙi ladabi ne mai kyau, amma ba lasisi ba ne sai in lasisin ne ya ce a ambata. Sayen waƙa ko biyan kuɗin manhajar sauraro izinin ji ne kawai. Maganar nan da ake yawan yi cewa ƙasa da sakan 30 ko sakan 10 ba laifi, babu ta a doka, babu ta a ƙa'idar YouTube. Sauya saurin waƙa ko siranta muryar mawaƙi don a ɓoye wa na'ura ba ya canza komai a wajen haƙƙi, sau da yawa na'urar tana ganewa, kuma mai haƙƙin zai iya shigar da da'awa da hannunsa in ya ci karo da bidiyon.

Wanda ya fi yaudarar mutane shi ne waƙoƙin da ke cikin manhajojin kansu. Waƙar da ka zaɓa daga ɗakin sauti na TikTok ko Instagram, yarjejeniyarta ta wannan dandalin ce. In ka sauke bidiyon ka kai shi YouTube, izinin bai bi ka ba. Ko a cikin TikTok ɗin, asusun kasuwanci an killace shi ga Commercial Music Library, domin talla da waƙar wani lasisinsa daban ne. Haka nan kiɗan da ke cikin manhajar haɗa bidiyo ta waya: kasancewarsa a wurin ba ya nufin ya halatta a kowane dandali, sai ka buɗe sharaɗin wannan kiɗan ka karanta.

Karanta lasisi kafin a fara yanka

Hanya mafi sauƙi ga mai tasha a YouTube ita ce Audio Library da ke cikin YouTube Studio. Kowane kiɗa a wurin yana da alamar irin lasisinsa. Wasu ba sa buƙatar ambaton kowa, wasu kuma na Creative Commons ne, wato lasisin da mai aiki ke sakin aikinsa da shi kyauta bisa wasu sharuɗɗa, dole ka kwafi rubutun ambaton da aka bayar ka manna a bayanin bidiyon. Ga mai ɗorawa a Facebook da Instagram akwai Sound Collection na Meta, wanda aka tanada don dandalinsu. Kada ka ɗauka na wancan gidan zai yi aiki a wannan.

Lasisin Creative Commons yana da haruffa da suke yanke hukunci. BY yana nufin ka ambaci mai aikin. NC ya hana amfani na kasuwanci, kuma bidiyon mai ɗaukar biki da ke tallata sana'arsa ko yake karɓar kuɗin talla ya fi kusa da kasuwanci, don haka a guje shi. SA yana nufin abin da ka haɗa da shi ka sake shi da irin wannan lasisin, abin da ba kowane mai biki zai yarda da shi ba. ND shi ne tarkon. Mutum zai ce ai bai taɓa waƙar ba, yadda take ya ɗora ta. To, rubutun lasisin ya fayyace cewa haɗa kiɗa da hoto mai motsi sarrafawa ce, saboda haka kiɗan ND ba ya shiga bidiyo. CC0 ne kaɗai mai shi ya saki ba tare da sharaɗi ba.

Sai kuma kiɗan da ake saya a shafukan sayar da lasisi. Rashin biyan kuɗi a kan kowane kallo ba ya nufin babu mai shi. Yawancin waɗannan kamfanoni suna sa kiɗansu a Content ID, sannan su wanke tashar da aka yi wa rajista a asusun mai biya. Matsalar mai ɗaukar biki a nan take: ya yi rajistar tasharsa, amma amarya ta karɓi bidiyon ta ɗora a tata, sai da'awa ta sauka a can. Ka duba ko tsarin da ka biya ya haɗa da aikin da ake yi wa wasu, ka kuma duba makomar bidiyon da ka riga ka ɗora in ka daina biya. Ranar da ka sauke kowane kiɗa, ka ajiye takardar lasisin ko hoton shafin, da adireshinsa da kwanan wata, a jaka ɗaya da fayilolin aikin. Shafi yana iya sauya sharaɗinsa ko ya ɓace, takardarka ce za ta yi magana.

Yanzu sakan 25 na hoton gari daga sama. Shi ma na wanda ya tashi ƙaramin jirgi mara matuƙi ya ɗauka ne, kuma yiwuwar kada na'urar tantancewa ta kama shi ba ta sa ya zama naka. A nan ma haɗarin ya fi girma, domin ƙaramin mai tasha da ba ya cikin Content ID, in ya ga hotonsa a bidiyonka, hanyar da ke hannunsa ita ce buƙatar a sauke bidiyon gaba ɗaya. Wasu za su fake da sassaucin da doka ta yi wa sharhi da suka da rahoton labarai. Sassaucin yana nan. Dokar Nijeriya ta 2022 ta tanade shi, ana kuma duba manufar amfanin, da irin aikin da aka ɗauko, da yawan abin da aka ɗauka, da tasirinsa ga kasuwar mai shi, kusan ma'aunan da dokar Amurka ke amfani da su. Mai sharhin fim da ya nuna sakan 15 na wani fage ya tsaya ya yi bayanin yadda aka haska shi, yana da hujja. Mai bidiyon biki da ya sa hoton gari don ƙawa ba shi da ita, domin ba magana yake yi a kan hoton ba, amfani yake da shi kamar yadda mai saye zai yi. Gyaran a nan gajere ne: ko a nemi izinin mai shi, ko a cire a sa wanda aka ɗauka da kai. Kuma duk yankin bidiyon da aka ba ka izini, ka saurari sautinsa, saboda mai hoton ba lallai ne ya mallaki kiɗan da ya ɗora a kai ba.

Gwaji kafin a saki

Lokacin ɗora bidiyo a YouTube akwai matakin Checks kafin matakin Visibility. Ka ɗora a matsayin Private ko Unlisted, ka jira binciken ya kammala, sannan ka saki. In kana shakkar waƙa tun kafin ka fara aiki, ka fitar da ɗan gajeren gwaji mai ɗauke da ita ka ɗora a ɓoye, ka ga abin da zai faru, kafin ka ɓata kwana biyu kana yanka hotuna a kan bugunta. Amma ka riƙe cewa sakamakon na wannan ranar ne. Mai waƙa yana iya shigar da ita tsarin daga baya, ko ya sauya dokar da ya sa mata.

In an kama wani abu, ka shiga Content a YouTube Studio, ka duba Restrictions, ka danna See details. A can za ka ga sunan abin da aka kama, da wanda ya yi da'awar, da daidai mintin da ya fara da inda ya ƙare, da hukuncin. Hukuncin da'awa iri uku ne: a toshe bidiyon, ko a bar shi kuɗin tallansa ya tafi ga mai haƙƙi, ko a bar shi ana bin ƙididdigar kallonsa kawai. Yana iya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, ta yadda bidiyo zai buɗe a Kano amma dangin da ke wata ƙasa su ce ba ya buɗewa. Ga gajerun bidiyo na Shorts da suka wuce minti ɗaya, kowace da'awa tana sa a toshe su a ko'ina.

Dole a bambanta wannan da'awar da abin da allo ke kira Copyright strike. Da'awa ba ta taɓa lafiyar tasharka, bidiyon kawai ta shafa. Shi kuwa wancan jan kunne ne da ke biyo bayan buƙatar saukewa ta shari'a. Yana ɗaukar kwana 90 kafin ya faɗi, bayan ka kammala Copyright School, wato ɗan darasin YouTube kan haƙƙin mallaka, kuma uku a lokaci guda suna iya rufe tasha. Goge bidiyon ba ya share shi. Duk gyaran sauti da za a yi bayani a ƙasa na da'awa ne, ba ya cire jan kunnen da ya riga ya sauka.

Sauya waƙar buɗewa

A misalinmu an kama wurare biyu: 0:00 zuwa 0:48, da 6:10 zuwa 7:35. Na farko mai sauƙi ne in an yi aikin da tsari, wato waƙar tana kan layin sautinta ita kaɗai a cikin manhajar haɗawa. Ka cire ta, ka sa wadda kake da lasisinta, ka sake fitarwa. Abin da ke lalacewa shi ne daidaiton yanka. A ce tsohuwar waƙar tana bugu 100 a minti, kowane bugu sakan 0.6 ke nan, kuma ana sauya hoto duk bayan bugu huɗu, wato sakan 2.4, sau 20 a cikin sakan 48. In sabon kiɗan bugu 92 ne, bugu huɗunsa kusan sakan 2.6 ne. Bambancin kamar ba komai, amma zuwa yanka na goma kiɗa da hoto sun rabu da kusan sakan biyu, mai kallo zai ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba. Saboda haka ka fara ƙirga bugun tsohuwar, ka nemi sabuwa mai bugu ɗaya ko kusa sosai. Bambancin bugu biyu ko uku ana iya gyara shi da ɗan jan saurin kiɗan, in lasisin ya yarda da sarrafawa. Fiye da haka gara ka sake matsar da wuraren yanka.

In bidiyon ya riga ya fita ya tara kallo da sharhi, ba ka son sake ɗorawa, domin YouTube ba ya bari a musanya fayil a ƙarƙashin adireshi ɗaya. Sabon ɗori sabon adireshi ne, kallo daga sifili. A nan kayan gyaran cikin Studio suke da amfani. Trim out segment yana yanke wurin da hoto da sauti duka. Replace song yana ɗora kiɗa daga Audio Library a kan wurin. Erase song kuma yana ba ka zaɓi biyu: a kashe duk sautin wurin, ko a yi ƙoƙarin cire waƙar a bar sauran sauti. Ga buɗewar da babu magana a cikinta, Replace song ya wadatar, sai dai ka haƙura da daidaiton bugu. Kayan nan ba sa aiki a bidiyon da ya wuce awa shida, kuma wanda ya haura kallo 100,000 ba ya karɓar irin wannan gyaran sai in tashar tana cikin shirin raba kuɗin talla. Kafin ka danna ajiyewa, ka tabbatar asalin fayil ɗin yana kwamfutarka, kada ka dogara da cewa za a iya mayar da gyaran baya.

Inda waƙa ta cakuɗu da magana

Sakan 85 na cikin zaure shi ne aikin gaske. Muryar mai gabatarwa da waƙar dije sun fito daga lasifika ɗaya, sun bugi bango sun dawo, sun shiga makirufo ɗaya. Kamar gishiri ne da ya narke a miya, ba a tsince shi da cokali. Rage ƙarar wurin yana rage maganar tare da waƙar. Matse wasu zangunan sauti ma ba ya raba su, domin muryar mawaƙi da ta mai gabatarwa duka muryar mutum ce, a zango ɗaya suke zaune. Erase song yakan yi nasara idan waƙar tana can ƙasa maganar kuma tana kusa da makirufo. A zaure mai amsa-kuwwa da waƙa mai ƙarfi, sau da yawa ko dai da'awar ta ƙi tashi, ko muryar ta fito tana rawa kamar daga cikin ruwa. Ka gwada, ka saurara da abin kunne, ka duba ko da'awar ta faɗi. In ba ta faɗi ba, sai a koma ga gina sautin wurin daga farko.

Ana farawa da tambayar abin da mai kallo yake buƙatar ji a wurin. Sau da yawa ba duka sakan 85 ba ne, jimla biyu ne ko uku: kiran sunan dangi, da addu'ar da aka yi. Dije yakan sassauta waƙa lokacin da ake magana mai muhimmanci, don haka ka nemo waɗannan gaɓoɓin inda murya ta rinjayi kiɗa sosai, ka bar su, ka kashe sauran. In an yi sa'a akwai wani naɗi daban, daga makirufon da aka maƙala wa mai gabatarwa ko rakodar da aka jona a layin makirufonsa kaɗai, to shi za a ɗauka a daidaita da motsin baki. In babu, mai gabatarwar zai iya sake faɗin jimlolin a ɗaki mai shiru, a ɗora su a inda kamara take kan jama'a ba kan bakinsa ba, ko kuma a rubuta bayanin a allo.

Wurin da aka kashe ba a barin sa shiru ƙurmus, domin kunne yana jin ramin nan take. Ka nemo wani wuri a cikin naɗin bikin inda babu waƙa, hayaniyar mutane kawai da motsin kujeru da guɗa, ka kwafi kamar sakan 20 zuwa 30 ka shimfiɗa a ƙasa. A kansa ka ɗora kiɗa mai lasisi. Inda akwai magana, kiɗan ya sauka ƙasa da ita da kamar desibel 15 zuwa 20, inda babu ya ɗago. A bakin shiga da bakin fita ka sa narkewar rabin sakan zuwa sakan ɗaya don kada a ji tsalle. Kuma ka faɗaɗa gyaran da sakan biyu ko uku a kowane gefe, saboda lokacin da da'awa ta nuna shi ne inda na'ura ta tabbatar, waƙar takan fara kafin nan ta kuma wuce. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗora sabon kiɗa a kan tsohon ba tare da an kashe tsohon ba, sai na'ura ta sake jiyo shi a ƙasa. In mutane suna rawa a hoton, maganar bugu ta dawo: kiɗan da bai dace da takunsu ba ya fi shiru muni.

Idan fayil ɗin aikin ya ɓace, bidiyon da aka fitar kawai ya rage, ba sai ka sake matse hoton ka rage masa kyau ba. Da ffmpeg, manhajar sarrafa bidiyo da ake ba umarni a rubuce, za ka iya kashe sautin wurin, ka bar hoton yadda yake. Minti 6 da sakan 10 shi ne sakan 370, minti 7 da sakan 35 kuma 455, mun ƙara biyu a kowane gefe:

```
ffmpeg -i biki.mp4 -af "volume=0:enable='between(t,368,457)'" -c:v copy -c:a aac -b:a 384k biki_shiru.mp4
```

In kuwa ka gyara sautin gaba ɗaya a manhajar sauti irin Audacity ka fitar da shi daban, sai ka mayar da shi kan hoton:

```
ffmpeg -i biki.mp4 -i sabon_sauti.wav -map 0:v:0 -map 1:a:0 -c:v copy -c:a aac -b:a 384k biki_sabo.mp4
```

Umarnin `-c:v copy` shi ne ke hana a taɓa hoton. Sharaɗin wannan hanyar shi ne kada tsawon sautin ya canza. A wurin da ka gyara, shiru za ka sa ko ka rufe da wani sauti, kada ka goge, domin in ka goge sakan ɗaya duk abin da ke bayansa zai zame daga bakin masu magana. Bayan an gama ka duba daidaiton baki da murya a farko da tsakiya da ƙarshe, sannan ka sake ɗorawa a ɓoye ka bar Checks ya bi ta kansa.

Duk wannan wahalar ana rage ta tun a zauren. A maƙala wa mai gabatarwa makirufonsa, a roƙi dije ya kashe waƙa gaba ɗaya lokacin jawabi da addu'a, a kuma ɗauki rabin minti na hayaniyar zaure ba kiɗa. A wajen fitar da aiki a ajiye magana daban, kiɗa daban, sautin wuri daban, kowanne fayil ɗinsa, tare da bidiyon da aka gama.

Yaushe ake jayayya maimakon sauyawa

Jayayya ta wanda ke da hujja ce: lasisi a hannu, ko aikin nasa ne, ko na'ura ta yi kuskuren kamawa, ko sharhi ne na gaske. A misalinmu, waƙar dije ba ta cikin waɗannan. Cewa ba kai ka kunna ta ba, a zaure ta shiga, ba hujja ce mai ƙarfi ba, musamman da ta kai sakan 85 ana jin ta sarai. Amma in sabon kiɗan da ka saya ne aka kama, sai ka fara tuntuɓar kamfanin da ya sayar maka, domin yawanci suna da hanyar wanke bidiyo da ta fi jayayya sauri. In hakan bai yiwu ba, ka shigar da jayayya ka zaɓi dalilin lasisi, ka rubuta sunan kiɗan da inda ka saya da lambar lasisin da kwanan wata, a taƙaice ba tare da faɗa ba.

Wanda ya yi da'awar ne ke duba jayayyar, ba YouTube ba, kuma yana da kwana 30. In bai amsa ba da'awar ta faɗi. In ya ƙi, kana iya ɗaukaka ƙara, a nan yana da kwana 7, kuma zaɓinsa ya ragu: ko ya saki, ko ya nemi a sauke bidiyon, wanda zai jawo maka jan kunne. Shi ya sa ba a ɗaukaka ƙara don gwada sa'a. Game da kuɗi, in ka shigar da jayayya cikin kwana 5 da zuwan da'awar, ana riƙe kuɗin tallan tun daga ranar farko har a warware a ba wanda ya yi nasara. In ka wuce kwana 5, daga ranar jayayyar ake fara riƙewa. Mataki na ƙarshe bayan an sauke bidiyo shi ne Counter notification, kuma wannan takardar shari'a ce: cikakken sunanka da adireshinka za su isa hannun wanda ya yi ƙorafin, shi kuma yana da ranakun aiki 10 ya nuna ya shigar da ƙara a kotu, in bai nuna ba, sai a mayar da bidiyon.